Wata bakwai ba a karanta mita ba: yadda muka warware bil ɗin gidan Gwaggo

A farkon watan Nuwamba Gwaggona ta aiko jikarta ta kira ni, wai masu yanke wuta sun zo da tsani har ƙofar gida, sun ce ana binta bashin naira 75,600, kuma idan sun dawo ba a biya ba sai sun cire waya. Da na isa na tarar ta baje takardun bil a kan tabarma, tana cewa, "Ɗan nan, kowane wata naira dubu goma sha biyar nake bayarwa, ban taɓa fashi ba. To wannan bashin daga ina ya fito?"

Gidan tsohon gida ne na cikin gari, mai zaure da soro. Mitarsu irin ta da ce, wadda ake shan wuta tukuna a kawo takarda a ƙarshen wata, ba mai kati ba. Tana kafe a bangon ɗakin tsakar gida, sai an wuce zaure an shiga ciki kafin a gan ta. Tun rasuwar maigidan, da rana babu kowa a gidan sai mata da yara, kuma kowa ya san baƙon namiji ba ya kutsa kai cikin irin wannan gida. Da, ɗan Gwaggo ne ke shigo da mai karanta mita, domin yana sana'ar ƙanƙara da sanyaya lemo a soron gidan da firiza uku, kullum yana nan. A ƙarshen watan Maris ya kama shago a bakin titi, ya kwashe firizojinsa. Da tafiyarsa wutar da gidan ke sha ta ragu ƙwarai, kuma babu sauran mai shigo da ma'aikacin. Kamfanin rarraba wuta bai san da ragin ba, don ba wanda ya sake leƙa mitar.

Na fara da takardun, na jera su daga Maris zuwa Oktoba. Mutane da yawa idonsu kan tafi kai-tsaye ga jimillar kuɗin da ke ƙasa, alhali maganar tana sama, inda aka rubuta karatun mita na watan jiya, da na wannan watan, da yawan yunit ɗin da aka sha tsakaninsu. A takardar Maris karatun ya tsaya a 18,420, kuma a gefensa akwai harafin A, alamar an je an gani da ido. Daga Afrilu har Oktoba harafin ya koma E, alamar ƙiyasi. Ko da babu harafin ma, da an gane: kowane wata yunit 400 cif, babu ragi babu ƙari. Ba a taɓa yin gidan da zai sha wuta iri ɗaya a zafin Afrilu da fankoki ke juyawa dare da rana, da kuma cikin Agusta lokacin da ruwa ke zuba ana ɗauke wuta kwana biyu. Wannan 400 ɗin matsakaicin abin da gidan ke sha ne lokacin da firizoji uku ke aiki, kwamfuta ta riƙe shi tana maimaitawa.

Sai na shiga na duba mitar da kaina. A takardar Oktoba an rubuta cewa mita ta kai 21,220. A bango kuwa tana nuna 19,540.

Daga nan lissafin ba wuya. Daga 18,420 zuwa 19,540 yunit 1,120 ne a wata bakwai, wato 160 a wata. Kamfani ya caje ta 2,800. A takardarta kuɗin yunit ɗaya naira 60 ne, idan aka ɗora haraji na kashi 7.5 cikin ɗari ya zama naira 64.50. Abin da ta sha da gaske bai wuce na naira 72,240 ba, ita kuwa ta biya 105,000. Matar da ake barazanar yanke wa wuta saboda bashin 75,600, ita ce ke bin kamfani sama da naira dubu talatin da biyu. Na faɗa mata haka, ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai sai ka je ka gaya musu."

Ban tafi nan take ba, kuma ina ganin wannan jinkirin na mako guda shi ne abu mafi amfani da na yi. Wanda zai nemi a zo a karanta masa mita, ya fara tabbatar da cewa karatun zai goyi bayansa. Ƙiyasi ba kullum yake cutar mai gida ba, wani lokaci kamfani yake cuta. Na san wani mai shagon walda da ya tada jijiyar wuya a kan bil ɗin ƙiyasi, aka zo aka karanta, sai ga shi ya sha fiye da abin da ake cajinsa, aka haɗa masa bambancin wata da watanni a takarda ɗaya. Akwai kuma wata hanyar da magana kan juye: idan karatun bango ya yi ƙasa sosai, abu na farko da ma'aikaci zai ce shi ne mitar ta tsaya, ko tana tafiyar hawainiya, ko an zagaye ta da waya. Zargin satar wuta kuwa ya fi bil ɗin ƙiyasi nauyi nesa ba kusa ba.

Saboda haka na sa jikar Gwaggo, wadda ke aji biyar na sakandare, ta riƙa rubuta lambar mita kowace safiya bayan sallar asuba, har kwana bakwai. Na nuna mata cewa lambar ƙarshe da ke cikin jan gida ba cikakken yunit ba ce, kashi ɗaya ne cikin goma, don haka ba a haɗa ta da sauran. Mutane kan yi wannan kuskure su karanto lamba mai ninki goma. Masu mita mai allo kuma, wadda lambobi ke sauyawa a kanta, sai su jira wadda ke da `kWh` a gefe, domin allon yana nuna kwanan wata da ƙarfin wuta da wasu abubuwa bi da bi. A kwana bakwai mitar ta ƙara yunit 37, wato biyar da 'yan kai a rana. Idan aka ninka da talatin, ya faɗo kusa da 160.

Sannan na zagaya gidan na ƙirga abin da ke jan wuta. Unguwar tana samun wuta kamar awa goma sha biyu a rana idan an yi sa'a. Fanka uku, kowace tana jan wat 70, idan sun yi awa goma sun ci yunit biyu da ɗan ɗoriya. Ƙaramin firji ya ci ɗaya da wani abu. Talabijin, da ƙwayayen fitila takwas na zamani, da dutsen guga na rabin awa, da injin tura ruwa sama, kowannensu kamar rabin yunit. Jimilla biyar da 'yan kai. Abin da mita ta faɗa da abin da kayan gida suka faɗa sun zo ɗaya, ke nan mitar lafiyarta ƙalau. Na kashe komai na gidan na tsaya na ga faifan mitar ya tsaya cak, na kunna dutsen guga na ga ya ɗauki gudu. Na duba hatimin dalma da ke jikin murfinta yana nan ba a taɓa shi ba, kuma ban taɓa shi ba ni ma. Abu na ƙarshe, na gwada lambar da ke jikin mitar da wadda ke kan takarda, domin akan samu gidan da ake kawo wa bil ɗin mitar maƙwabci shekara da shekaru. Sun yi daidai. Na ɗauki hoto wanda lambar mita da karatunta suka fito tare a ciki.

Abin da doka ta ce a nan a bayyane yake. Hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki a Nijeriya, ta shimfiɗa cewa mai irin wannan mita a riƙa karanta masa ita kowane wata, idan kuma hakan ya gagara, kada a wuce wata uku ba a samu karatu na haƙiƙa ba. Ƙiyasi cike gurbi ne na ɗan lokaci. Wata bakwai a jere ya wuce gona da iri, ko da uzurin rashin shiga gida gaskiya ne. Mai shan wuta yana da haƙƙin ƙalubalantar kowane bil, da haƙƙin a mayar masa da abin da aka caje shi fiye da ƙima, da haƙƙin a sanar da shi a rubuce kafin a yanke masa wuta. Hanyar ƙorafi kuma hawa uku ce: a fara da sashen karɓar ƙorafi na kamfanin, wanda ke da kwana 15 na aiki ya warware, idan bai yi ba, a wuce ofishin sauraron ƙorafi na hukumar, wanda ake kira Foram, daga can sai ita hukumar kanta. Tun bayan dokar wutar lantarki ta 2023 wasu jihohi sun kafa nasu hukumomin sun karɓi wannan aiki, to a irin waɗannan jihohi can ake kai ƙara ta biyu.

Akwai wani abu da ake yawan cakuɗawa da wannan. A watan Fabrairun 2020 NERC ta fitar da umarnin da ya sa iyaka ga yawan yunit ɗin da za a iya ƙiyasta wa wanda ba shi da mita kwata-kwata, gwargwadon yankin da yake. Wani maƙwabcin Gwaggo ya ba ni shawarar in kafa hujja da wannan. Ban yi ba, domin wancan kariya ce ga marar mita. Wanda ke da mita mai aiki yana riƙe da abin da ya fi iyaka ƙarfi, wato ainihin lambar abin da ya sha. Da na shiga maganar iyaka, da na amince da ƙiyasi ke nan ina neman ragi kawai.

Kafin in je ofis, Gwaggo ta ce ta riga ta yi wa maketan unguwa magana har sau uku, kowane karo yana cewa, "Hajiya, kada ki damu, za a gyara." Ban zarge shi da mugunta ba. Aikinsa raba takardu da tara kuɗi, ba shi da ikon goge ko kwabo daga kwamfuta, kuma maganar baki ba ta fara ƙirga kwana 15. Don haka ranar 10 ga Nuwamba na rubuta wasiƙa da sunanta, shafi ɗaya. Na sa lambar asusu da lambar mita a sama. Na ce karatu na haƙiƙa na ƙarshe shi ne na Maris, 18,420. Cewa an yi wata bakwai ana ƙiyasin 400. Cewa ranar 1 ga Nuwamba mita na nuna 19,540 alhali takarda ta ce 21,220. Na nemi abu uku: a turo ma'aikaci ya karanta mita a gaban mai gida, a sake lissafin watannin bakwai bisa wannan karatu, kuma a dakatar da yanke wuta har a gama. Na rubuta lambar wayata, na ce duk ranar da za a zo a kira ni, zan tsaya in shigar da ma'aikaci. Wannan jimlar ta ƙarshe ta toshe uzurin ba a samu shiga ba. Ban sa zagi ko tarihin wahalar da unguwa ke sha da taransifoma ba, ko da yake akwai abin faɗa. Na haɗa da kwafin takardu takwas, da rasit bakwai, da hoton mita.

Na kai kwafi biyu. Ma'aikaciyar ta karɓi ɗaya za ta sa a tire, na ce, "Hajiya, don Allah a buga min hatimi da kwanan wata a kan wannan, a kuma ba ni lambar ƙorafi." Ta yi, ba gardama. Wannan kwafi mai hatimi shi ne ya tsaya mana daga baya.

Sai maganar biya. Gwaggo ta so ta daina bayar da ko sisi tunda ita ke bin su. Na hana ta. Ƙa'idar hukumar ga marar mita mai jayayya da ƙiyasi ita ce ya ci gaba da biyan daidai da bil na ƙarshe da bai yi jayayya da shi ba, har a yanke hukunci. Mu namu ya ɗan bambanta, don bil na ƙarshe marar gardama na zamanin firizoji ne. Sai na ce ta biya abin da mita ta nuna tana sha, yunit 160, wanda ya kama naira 10,320, ta cika shi 11,000, ta hanyar da za a ba ta rasit mai lambar asusunta. Wanda ya daina biya gaba ɗaya ya ba da ƙofar a ce da shi mai taurin bashi, maganar ta tashi daga kan mita ta koma kansa.

Ranar 18 ga wata aka kira ni. Ma'aikaci ya zo, na yi masa iso, ya karanta 19,630, ya ɗauki hoto, ya duba hatimi, ya ce komai daidai. Na roƙe shi ya rubuta karatun da kwanan wata a bayan kwafina ya sa hannu, ya yi. Na koma gida ina ganin an gama.

A farkon Disamba sabuwar takarda ta zo: yunit 400, harafin E, bashi ya hau zuwa 90,400. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin tsohuwar ta fara tunanin ko ni ne ban iya ba. Da na koma ofis, wani ma'aikacin sashen lissafi ya yi min bayanin da ya kamata duk mai irin wannan matsala ya sani. Kwamfutarsu tana ɗauke da 21,220 a matsayin karatun baya. Idan aka shigar da 19,630, sai ta ga mita ta koma baya, abin da ba ya yiwuwa, sai ta ƙi karɓa ta koma kan ƙiyasi. Karanta mita aiki ɗaya ne, gyara asusu aiki ne daban, wanda sai an cika takardar neman ragi, manya sun sa hannu, sannan a sauya lambar da ke cikin kwamfuta. Ma'aikacin da ya zo gida ya yi nasa, ba wanda ya ɗauki na biyun.

Ya kawo min wata mafita: a bar lambar yadda take, a daina cajin gidan har mita ta kamo ta. Da jin farko abin ya yi daɗi, amma na ƙi. Tazarar ta kusa yunit dubu biyu, gidan da ke shan 160 a wata zai yi kusan shekara kafin ya kamo. Duk tsawon wannan lokaci bashin 90,400 yana nan a rubuce, sunan Gwaggo yana cikin jerin waɗanda za a yanke wa wuta, kuma idan aka sauya ma'aikacin da muka yi maganar baki da shi, babu mai tunawa. Ga kuma wani haɗari: ranar da aka sa wa gidan mita mai kati, tsohon bashi yakan bi asusun, a riƙa cire wani kaso duk lokacin da aka sayi wuta. Bashin ƙarya da aka bari a takarda, a ƙarshe da kuɗin gaske ake biyansa.

A cikin wannan makon masu tsani suka dawo. Jikar ta fito musu da kwafin nan mai hatimi da sa hannun abokin aikinsu a baya, da rasit ɗin Nuwamba. Shugabansu ya karanta, ya buga waya, suka wuce gida na gaba. Wani daga cikinsu ya so a ba su na goro, Gwaggo ta ce babu. Na ji daɗin haka, domin na goro yana sayen wata ɗaya ne kawai, lambar da ke cikin kwamfuta ba ta san an bayar ba.

Kwana 15 na aiki sun riga sun cika. Ranar 5 ga Disamba na kai ƙorafi ofishin Foram, na haɗa da wasiƙar farko mai hatimi, wadda ita ce shaidar cewa mun bi hawa na farko, da sabuwar takardar bil, da lissafina a shafi guda. Ban biya ko kwabo ba. Na kai wa kamfani kwafi aka buga hatimi. Ba mu kai ga zama ba. Bayan kamar mako biyu aka kira ni daga kamfani, aka sake turo mutum biyu suka karanta mita, aka cika takardar ragin.

Takardar da ta zo a Janairu tana da harafin A. An cire yunit 1,920, wato rarar 240 na kowane wata har wata takwas, kuɗinsu naira 123,840. Bashin 90,400 ya goge, aka bar wa Gwaggo rarar naira 33,440 a asusunta kafin a cire kuɗin Disamba. Na sake bin lissafin da biro kafin in yarda, musamman in ga ko an cire harajin da aka ɗora a kan yunit ɗin ƙarya, don ragin da aka yi da naira 60 kawai zai bar ta da asarar sama da dubu takwas. An cire. Ba a ba ta kuɗi a hannu ba, kuma na riga na gaya mata kada ta sa rai. Rarar ta zauna a asusu ta ɗauke mata bil na wata uku da 'yan kai.

Akwai laifin da yake namu, kuma na faɗa wa Gwaggo da ɗanta. Tun takardar Afrilu, ko ta Mayu, da wani ya ɗaga kai ya dubi bango ya gwada da takarda, da tazarar ba ta wuce yunit 240 ko 480 ba, kuma gyaran ƙaramin kuɗi ba ya buƙatar sa hannun manya da yawa. Biyan dubu goma sha biyar a kan bil ɗin 25,800 ba tare da tambaya ba shi ya bar bashi yana taruwa a ɓoye. Na kamfani kuwa ya fi girma: wata bakwai ba wanda ya bar ko 'yar takarda a zaure cewa an zo ba a samu shiga ba.

Ɗan Gwaggo ya so ya kira mai gyaran wuta na unguwa ya ciro mitar ya mayar da ita zaure. Na ce kada ya kuskura, domin cire ta na nufin karya hatimi, kuma duk hujjar da muka tara a kan wannan hatimin ta tsaya. Mun rubuta wa kamfani muna neman su zo su mayar da ita waje da kansu. Kafin su zo, jikar ce ke da aikin: ranar 25 ga kowane wata tana ɗaukar hoton mita, ta tura wa maketa da ni, ta rubuta lambar a bayan littafinta na lissafi. Idan takarda ta zo, tana duba harafin da ke gefen karatun kafin ta kai wa kakarta.